Yadda ake shirya wasa ƙwaƙwalwa mai amsa ɗaya tak, da yadda ake farautar amsa ta biyu

Wanda ya shirya wasa ƙwaƙwalwa ya fi kowa wahalar gane ko amsarsa ɗaya ce. Ya riga ya san amsar, don haka duk inda hanya ta rabu biyu, hannunsa zai bi wadda ya sani ba tare da ya ankara cewa akwai wata ba. Idan ya warware wasan ya iso inda yake tsammani, abin da ya tabbatar kawai shi ne amsarsa ta dace da sharuɗɗan. Bai tabbatar da cewa ita kaɗai ta dace ba, kuma wannan aiki na biyu shi ne babba.

Dubi tsohuwar wasa ƙwaƙwalwar nan ta mutumin da zai ƙetare da kura da akuya da damin ciyawa a kwalekwalen da ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya tare da shi. Kowa ya san akuya ake fara kaiwa. Amma da ya dawo, yana iya ɗaukar kura, yana kuma iya ɗaukar ciyawa, kuma kowace hanya ƙetarawa 7 ce. A hirar dare wannan ba laifi ba ne. A gasar makaranta kuwa, ko a shafin mujalla inda za a ce wane ya ci wane ya faɗi, amsa ta biyu zalunci ce ga wanda ya yi tunani daidai aka ce masa bai dace ba.

Zan ɗauki nau'i ɗaya in bi shi daki-daki: wasan da ake ba ka mutane da wasu rukunai na abubuwa, a ce ka gano wa ke da me.

Daga amsa ake farawa

Kada ka fara da rubuta sharuɗɗa kana fatan za su haɗu a wani wuri. Rubuta amsar tukuna, ka ajiye ta a takarda daban. A ce 'yan kasuwa huɗu ne a kasuwar kayan gwari ta Farin Gada da ke Jos, kowa da kayan da yake sayarwa da unguwar da yake kwana. Ga amsar da na zaɓa:

Ladi, kabeji, Bukuru.
Talatu, dankali, Gangare.
Audu, tumatir, Naraguta.
Bala, karas, Unguwar Rogo.

Kafin ka rubuta sharaɗi ko ɗaya, ka san girman filin da kake ciki. Kaya huɗu ana iya raba su ga mutum huɗu ta hanya 4 × 3 × 2 × 1 = 24. Unguwanni huɗu ma hanya 24. Idan aka haɗa, 24 × 24 = 576. Aikin sharuɗɗanka shi ne su kashe 575 daga cikin waɗannan, su bar ɗaya da rai. Idan suka bar biyu, wasan ya lalace. Idan suka kashe duka, ya fi lalacewa, domin mai warwarewa zai yi ta zagaye yana zargin kansa.

Ga wanda yake farawa, mutum huɗu da rukuni biyu sun isa. Da ka koma mutum biyar da rukuni uku, lissafin ya zama 120 × 120 × 120, wato 1,728,000, kuma kuskuren da zai ɓuya a ciki ya fi ƙarfin ido.

Sai dokokin tushe, waɗanda mai shiryawa kan ɗauka kowa ya sani. Dole a rubuta su a saman wasan: kowane mutum kaya iri ɗaya yake sayarwa, babu mutum biyu masu kaya iri ɗaya, kowa unguwarsa daban. Idan ba ka faɗa ba, mai karatu yana da haƙƙin ya ce Audu da Bala duk a Gangare suke, tunda a zahiri ba abin da ya hana. Shahararriyar wasa ƙwaƙwalwar nan ta gidaje biyar da jakin dawa, wadda mujallar Life International ta buga a watan Disamba na 1962, sai da aka ƙara mata bayani a ƙasa cewa kowane gida launinsa daban, kowane mai gida ƙasarsa daban, kuma inda aka ce "dama" ana nufin damar mai karatu. Mutane kan jingina ta ga Einstein, amma babu wata shaida da ta nuna shi ya shirya ta.

Wani ƙaramin abu da ke tona asiri: idan za ka jera sunaye da kaya da unguwanni a gabatarwa, kada ka jera su yadda suke a takardar amsarka. Mai wayo zai gwada haɗa na farko da na farko, ya ga komai ya zauna. Jera kowane rukuni bisa tsarin haruffa.

Rubuta sharuɗɗa kana ƙirge abin da ya rage

Kowane sharaɗi magana ce ta gaskiya game da amsarka. Akwai mai haɗa abu biyu kai tsaye, akwai mai kore. Mai haɗawa yana da ƙarfi, ɗaya ya isa ya buɗe wa mutum ƙofa. Masu korewa su ne ke sa a yi tunani. Ga zubina na farko:

1. Gidan mai kabeji a Bukuru yake.
2. Audu ba ya sayar da kabeji, ba ya sayar da karas.
3. Gidan Talatu ba a Bukuru yake ba, ba kuma a Naraguta ba.
4. Gidan mai tumatir ba a Gangare yake ba, ba kuma a Unguwar Rogo ba.
5. Gidan Bala ba a Bukuru yake ba, ba kuma a Gangare ba.
6. Gidan mai karas ba a Gangare yake ba.

Fara da duba kowannensu da takardar amsa, ɗaya bayan ɗaya, da yatsa a kan layi. Duk shidan gaskiya ne. Wannan ya ba ka tabbacin cewa akwai amsa aƙalla ɗaya.

Yanzu dubi yadda suke rage 576 ɗin. Na farko ya bar 144. Na biyu ya raba su biyu, saura 72. Na uku ya bar 32, na huɗu 12, na biyar 4. Na shida ya bar 2. Mai shiryawa da bai ƙirga ba zai ji a ransa cewa sharuɗɗa shida sun ƙulle wasan, domin in ya zauna ya warware sai ya ga ya iso gida lafiya. Bari mu bi shi mu ga inda ƙafarsa take zamewa.

Warware shi kamar baƙo

Juya takardar amsa ta kife. Zana jadawali uku: mutane da kaya, mutane da unguwanni, kaya da unguwanni. Na ukun ne mutane suka fi mantawa da shi, alhali a nan rabin aikin yake. Dokar wannan mataki ɗaya ce, kuma ba ta da sassauci: ba ka sa alama a kowane gurbi sai ka rubuta lambar sharaɗin da ya tilasta ta a gefe. Idan ba ka da lambar da za ka rubuta, to ba ka da ikon sa alamar, ko da ka san haka amsar take.

Mai tumatir ba ya Gangare, ba ya Unguwar Rogo (4), Bukuru kuma ta mai kabeji ce (1), saboda haka Naraguta ce tasa. Mai karas ba ya Gangare (6), Bukuru da Naraguta an riga an ɗauke su, sai Unguwar Rogo. Abin da ya rage, dankali da Gangare. Jadawali na uku ya cika ke nan, an san kowane kaya da unguwarsa.

Wa ke da kabeji? Ba Audu ba ne (2). Talatu ba ta Bukuru (3), don haka ba ita ba ce (1). Bala ma haka (5 da 1). Ladi ce, kuma gidanta Bukuru.

Saura mutum uku da ɗauri uku: tumatir da Naraguta, karas da Unguwar Rogo, dankali da Gangare. Audu tumatir ne ko dankali. Talatu dankali ne ko karas. Bala tumatir ne ko karas. A nan fensir ya tsaya. Babu sharaɗin da zai ɗaga ka daga wurin. Wanda ya san amsa zai rubuta "Audu tumatir" ya wuce, zuciyarsa ta ce masa ai a fili yake. Nemi lambar da za ka sa a gefensa, ba za ka samu ba.

Duk lokacin da ka tsaya haka, ɗauki gurbin da ke da zaɓi mafi ƙaranci, ka bi kowane reshe har ƙarshensa. Idan Audu tumatir ne, Bala karas, Talatu dankali: amsarmu ce. Idan Audu dankali ne a Gangare, Talatu ta koma karas a Unguwar Rogo, Bala tumatir a Naraguta. Duba shi da sharuɗɗan. Mai kabeji na Bukuru, daidai. Audu ba kabeji ba karas, daidai. Talatu ba Bukuru ba Naraguta, daidai. Tumatir a Naraguta, Bala ba Bukuru ba Gangare, karas ba Gangare ba. Babu wanda ya karye. Ga amsa ta biyu tsaf, kuma ɗalibin da ya kawo ta bai yi kuskuren komai ba.

Ina so in daɗe kaɗan a kan siffar wannan amsa ta biyu, saboda tana karya wata dabara da masu shiryawa da yawa suka dogara da ita. Dabarar ita ce ka ɗauki mutum biyu ka musanya musu kaya da gida, ka ga ko wani sharaɗi zai hana. Gwada a nan. Ladi da Talatu, na 3 ya hana. Ladi da Audu, na 2. Ladi da Bala, na 5. Talatu da Audu, na 3, domin Talatu za ta faɗa Naraguta. Talatu da Bala, na 5. Audu da Bala, na 2. Musanya shida, duk an tare su. Mutum zai rufe littafinsa da murna. Amma amsar ta biyu ba musanyar mutum biyu ba ce, zagaye ne na mutum uku: Audu ya karɓi na Talatu, Talatu ta karɓi na Bala, Bala ya karɓi na Audu. Gwajin musanya yana da amfani wajen kama kuskure da wuri, sai dai cin sa ba hujja ba ne. Hujja iri biyu ce kawai. Ko dai kowane mataki daga farko har ƙarshe ya zama tilas da lambarsa a gefe, ko kuma a bi dukkan rassa a ga ɗaya ne ya tsira.

Wane sharaɗi za a ƙara

Amsa ta biyu da ka kama ita ce za ta gaya maka maganinta. Ajiye amsoshin biyu gefe da gefe, ka nemi maganar da take gaskiya a taka, ƙarya a ɗayar. Suna da yawa, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Kana iya cewa "Bala ne mai karas". Ya kashe ta, amma ya miƙa wa mai warwarewa kashi ɗaya cikin huɗu na amsar a hannu. Kana iya cewa "Audu ba ya sayar da dankali". Shi ma ya kashe ta, amma idan aka haɗa da na 2, an kore wa Audu uku cikin huɗu, tamkar ka ce masa tumatir ne tun kafin ya fara. Ni na zaɓi wannan:

7. Gidan Audu ba a Gangare yake ba.

Dalilina shi ne ba ya aiki shi kaɗai. Sai mutum ya riga ya gano Ladi na Bukuru, ya tuna Bala ba ya Gangare, sannan na 7 ya nuna masa cewa Talatu ce kaɗai ta rage wa Gangare. Daga nan dankali nata ne, Audu tumatir a Naraguta, Bala karas a Unguwar Rogo. Kowane mataki yana da lambarsa, babu inda aka yi cinke.

Bayan ƙarin, goge jadawalin ka sake daga farko. Kada ka ci gaba daga inda ka tsaya. A babban wasa kakan kashe amsa ta biyu ka tarar akwai ta uku a bayanta, kuma yadda za ka gane ita ce fensir ya sake tsayawa a wani wurin.

A bar kwamfuta ta ƙirga

Jeri 576 ba komai ba ne ga kwamfuta, har ma ga waya mai ɗauke da Python, wato harshen rubuta shirin kwamfuta. Ba wata dabara ake buƙata ba, a gwada dukkansu ne a ƙirga waɗanda suka tsallake. Ga zubin farko mai sharuɗɗa shida:

```python
from itertools import permutations as P
L, T, A, B = range(4)
n = 0
for kab, dan, tum, kar in P(range(4)):
    for buk, gan, nar, rog in P(range(4)):
        if (kab == buk and A not in (kab, kar)
                and T not in (buk, nar) and tum not in (gan, rog)
                and B not in (buk, gan) and kar != gan):
            n += 1
            print(kab, dan, tum, kar, buk, gan, nar, rog)
print(n)
```

An ba kowane mutum lamba: Ladi 0, Talatu 1, Audu 2, Bala 3. Kowane kaya da kowace unguwa suna riƙe da lambar mai su, don haka `kab == buk` na nufin mai kabeji shi ne na Bukuru. Abin da zai fito shi ne `0 1 2 3 0 1 2 3`, sai `0 2 3 1 0 2 3 1`, sai `2`. Layi na biyu shi ne zagayen da muka kama da hannu. Ƙara `and A != gan` a cikin sharuɗɗan, lambar ƙarshe ta koma `1`.

Abu biyu za ka kiyaye. Kada ka bari shirin ya tsaya da zarar ya sami amsa ta farko, domin tambayarka ita ce nawa ne, kuma shirin da ya tsaya a ta farko ya maimaita kuskuren mai shiryawa ne kawai. Sannan idan `0` ya fito, kada ka yi saurin zargin wasan. Ka riga ka duba da yatsa cewa amsarka ta dace da kowane sharaɗi, saboda haka mai yiwuwa wajen bugawa ne ka juya wani. Cire su ɗaya-ɗaya har amsarka ta bayyana, wanda ka cire na ƙarshe shi ne mai laifin.

Wannan hanya tana da iyaka. Gidaje biyar da rukuni biyar, irin na jakin dawa, jerinsu 24,883,200,000 ne, kuma gwada su duka a Python zai ci awoyi masu yawa. Gyaran mai sauƙi ne: duba kowane sharaɗi da zarar rukunan da ya ambata sun samu, kada a jira sai an kai can ciki. A misalinmu, sharaɗi na 2 kaya kawai ya shafa, don haka ana iya duba shi kafin a shiga jera unguwanni, a zubar da rabin aikin tun daga waje.

Abin da kwamfuta ba ta gani

Kwamfuta tana tabbatar da abin da ka buga mata ne. Mai karatu kuwa Hausa yake karantawa, kuma tsakanin jimlar Hausa da layin da ka buga akwai ramuka.

Na farko shi ne jinsi. Da gangan na rubuta "gidan mai kabeji a Bukuru yake". Da na ce "mai kabeji tana zaune a Bukuru", na faɗa wa mai karatu cewa mace ce, wato Ladi ko Talatu, kuma wannan ƙarin sharaɗi ne da ban ƙirga ba, ya sauƙaƙa wasan fiye da yadda na nufa. Da na ce "yana zaune", ina nufin kowa da kowa, ɓarnar ta fi haka. Mai karatu mai kula zai cire mata biyun, na 2 ya cire Audu, na 5 ya cire Bala, ya tarar babu mai kabeji a kasuwar gaba ɗaya. Shirinka zai ce `1`, takardarsa ta ce babu amsa, kuma shi ke da gaskiya. Mafita ita ce ka jingina jimlar ga gida ko rumfa ko kaya, ko kuma ka sa mutanen duk maza ko duk mata.

Na biyu shi ne "ko". A ce ka rubuta "Ladi kabeji take sayarwa ko a Bukuru take". A amsarmu duka biyun gaskiya ne. Wani zai karanta shi da ma'anar aƙalla ɗaya, ya wuce lafiya. Wani zai karanta shi da ma'anar ɗaya kawai, ya kore amsar gaskiya da hannunsa. Rubuta abin da kake nufi a fili: "aƙalla ɗaya daga cikin biyun nan gaskiya ne", ko "ɗaya ne kawai gaskiya". Haka nan jimla irin "Audu da mai kabeji sun haɗu a tasha". Masu irin wannan wasa sun saba ɗaukarta a matsayin mutum biyu ne daban, amma sabon shiga bai sani ba, don haka a faɗa a saman wasan.

Na uku shi ne sanin da ke wajen takarda. "Gidan Ladi ya fi na kowa nisa da kasuwa" magana ce mai daɗi, kuma duk ɗan Jos ya san Bukuru ce can kudu. Ɗalibar da ta zo daga Abuja ko Kano ba ta sani ba, kuma ba ƙwaƙwalwarta ce ta gaza ba. Idan kana son sharaɗin nisa, ka ba da jerin nisan a gabatarwa. Idan kana son na jeri, irin su "rumfarsa na dama da ta Bala", ka faɗi damar wa, ka kuma faɗi ko manne take ko dai ɓangaren dama kawai. Wasan jeri yana da wani tarko nasa: idan duk sharuɗɗan "kusa da" ne da "tsakanin", to duk amsar da ka samu, juya ta daga ƙarshe zuwa farko ma amsa ce. Dole a sami aƙalla sharaɗi ɗaya mai bambanta hagu da dama.

Cire ɗaya ka ƙirga

Yanzu amsa ɗaya ce. Tambaya ta gaba ita ce ko kowane sharaɗi yana cin abincinsa. Cire ɗaya, ka sake ƙirgawa, ka mayar da shi, ka cire na gaba. Sharaɗi mai kore abu biyu ka raba shi, ka gwada kowane rabi daban. Idan lambar ta tashi daga 1, ana buƙatarsa. Misali, cire "Audu ba ya sayar da karas", nan take Audu da Bala za su iya musanya. Cire "Bala ba ya Bukuru", sai Bala ya ɗauki kabeji, Ladi ta ɗauki karas.

A wasanmu rabi ɗaya ne ya faɗi wannan gwaji: "Talatu ba ta Naraguta". A zubin farko shi ne ya hana Talatu da Audu musanya. Da na 7 ya shigo, ya ɗauke masa aikin, domin Audu ba zai iya komawa Gangare ba. Ko an cire shi, amsa ɗaya ce.

Cirewa ba wajibi ba ne. Ga 'yan firamare zan bar shi, ya zama ƙarin madafa. Ga 'yan babbar sakandare zan cire. Abin da ba na so shi ne ya zauna ban san cewa rara ba ne. Kuma idan ka sami rara biyu, kada ka cire su lokaci guda, domin yana yiwuwa kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa ne. Cire ɗaya, ƙirga, sannan ka gwada ɗayan.

Ragewa tana da ƙasan da ba a wucewa. A sudoku, wasan cike lambobi mai gurbi 81, Gary McGuire na jami'ar University College Dublin da abokan aikinsa sun sanar a watan Janairu na 2012, bayan dogon bincike da kwamfuta, cewa babu wanda ke da amsa ɗaya da lambobi 16 kacal a buɗe, 17 ne mafi ƙaranci. Amma ƙarancin sharuɗɗa ba shi ke auna wahala ba. Abin da ke auna ta shi ne sharuɗɗa nawa mutum zai riƙe a kansa lokaci guda kafin ya sami mataki na gaba. A namu bai wuce uku ba. A nan ma akwai abin da ƙirgar kwamfuta ba ta nunawa: wasa zai iya zama mai amsa ɗaya, amma ba a isa gare ta sai da dogon gwada-ka-gani. Ni ba na kiran wannan adalci ga mai fensir. Takardar nan mai lambobi a gefen kowane mataki ita ce shaidar cewa akwai hanyar hankali.

Mutum biyu da fensir

Mataki na ƙarshe shi ne ka ba mutum biyu da ba su taɓa ganin wasan ba, kowa shi kaɗai, a ainihin takardar da za a raba. Ba su fensir, ka zauna kusa ka yi shiru. Ka lura da inda aka goge har takardar ta yi duhu, da layin da yatsa ya koma kansa sau biyu. Idan ɗaya ya ɗago ya ce, "Malam, a nan mutum biyu za su iya zama unguwa ɗaya?", kada ka amsa da baki. Rubuta tambayar, domin ta nuna maka jimlar da ta ɓace daga gabatarwa, kuma ranar gasa ba za ka tsaya a kan kowa ba. Wanda ya gama, kada ka tsaya ga duba amsarsa. Tambaye shi, "Me ya sa ka ba Talatu Gangare?" Idan ya ce don Ladi da Bala da Audu duk an kore su daga can, wasan ya yi aiki. Idan ya ce ya gwada ne ya ga ta zauna, koma ka duba ko matakin ya yi masa tsawo ko kuwa jimlar ce ba ta fita ba.

Idan wani ya kawo amsa daban da taka, ka karɓa da muhimmanci, ka bi ta da sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Ko dai ka nuna masa lambar da ta karye, ko ka gano ya fahimci wata jimla ta hanyar da Hausa ta yarda da ita, ka gyara jimlar. Duk gyaran da ka yi, ko na kalma ɗaya ne, sai ka sake bugawa a shirin ka ƙirga, ka sake warwarewa da lambobi, sannan ka nemi mutum na uku wanda bai ga tsohon zubin ba.